Kafin Sakataren Masallaci Ya Miƙa Mabuɗi

A kusan kowane masallacin Juma'a na unguwa akwai wani mutum da ba ya jan salla, ba ya kiran salla, amma idan ya yi tafiyar mako biyu sai kowa ya ji a jikinsa. Shi ne ke miƙewa bayan an idar da salla ya karɓi lasifika ya karanta sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza. Shi ke rubuta wa mai unguwa takarda, shi ya san lambar mitar wuta, kuma a gidansa ake samun tsohon littafin nan mai baƙin bango da aka rubuta abin da aka zartar a taron kwamiti tun ana ginin katanga. Wasu na ce masa sakatare, dattawa kuma su ce magatakarda.

Sau da yawa ma'aikaci ake ɗora wa wannan nauyi, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ko na banki, don shi ya saba da biro da takarda. Shi ma'aikaci kuwa ba shi da iko da lokacinsa. Yau yana aikin safe, gobe a mayar da shi na dare. Yau yana Kaduna, gobe takardar canjin wurin aiki ta fito. A farkon shekarar 2024, alal misali, Babban Bankin Nijeriya ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ma ta sanar da mayar da hedikwatarta can. Irin wannan umarni ba ya tambayar ko mutum na riƙe da littafin wani masallaci. Idan ya zo, dole sakatare ya zauna ya rubuta wata 'yar gajeruwar wasiƙa mai wuyar rubutawa, wato ta ajiye muƙami.

Wuyarta ta fara daga sunanta. Kalmar murabus a kunnen Bahaushe tana da nauyi, domin daga fada ta fito. Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya yi murabus a 1931. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi nasa a 1963, bayan binciken da aka gudanar kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare da zama. Tun daga irin waɗannan labarai, duk wanda aka ce ya yi murabus, abin da ke fara zuwa zukatan mutane shi ne: me ya faru, wa ya matsa masa, ko dai akwai maganar kuɗi? Shi ya sa masu lura suka fi son su rubuta "ajiye muƙami" ko "sauka daga kujera", kuma shi ya sa bai kamata wasiƙar ta ɓoye dalili ba. Sakataren da ya rubuta "saboda wasu dalilai na ƙashin kaina" ya buɗe wa majalisar ƙofar masallaci kasuwa. Kafin la'asar za a ce sun saɓa da liman, kafin isha'i a ce ma'aji ne ya kama shi da wani abu. Jimla ɗaya mai cewa an mayar da shi aiki wani gari, ko an sauya masa lokacin aiki, ta isa ta toshe wannan kafa.

Abu na biyu da wasiƙar ke buƙata shi ne rana tsayayya. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 11, ta ƙayyade wa ma'aikaci wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewarsa: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ke tsakanin shekara biyu da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar ko fiye. To amma sakataren masallaci ɗan sa-kai ne, ba a biyan sa albashi, don haka wannan doka ba ta hau kansa ba. Abin da ya hau kansa shi ne kundin tsarin mulkin masallacin, idan akwai shi. Inda babu, hankali ke yin hukunci, kuma a masallaci da Juma'a ake ƙirga lokaci. Juma'a huɗu sun wadatar: ta farko a sanar da kwamiti, ta biyu a fitar da wanda zai riƙe, ta uku su ƙirga kuɗin asusu tare, ta huɗu sabon ya karanta sanarwa tsohon na zaune a sahu yana sauraro.

Watan da aka zaɓa ma abin dubawa ne. Wanda ya ajiye muƙami ana saura kwana goma azumi ya bar kwamiti a lokacin da aiki ya fi yawa: shirin tafsiri, abincin buɗa-baki, man janareta na tarawihi da tahajjudi, sunayen masu shiga i'itikafi, ga gudummawa na shigowa ta kowace kusurwa. Idan wurin aiki bai ba shi zaɓi ba, sai wasiƙar ta faɗi abin da zai iya ci gaba da yi daga nesa da abin da ba zai iya ba.

Ga yadda irin wannan wasiƙa kan kasance. A ɗauka wani ma'aikacin jinya ne da ya yi shekara shida yana sakatare, aka mayar da shi wani asibiti mai nisa da gida. Bayan bisimilla da kwanan wata, sai ya sa sunan shugaban kwamiti, ya nuna cewa ta hannun limami takardar za ta bi, sannan ya rubuta:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya ƙara wa Malam Liman da Alhaji Shugaba lafiya, ina sanar da kwamiti cewa zan ajiye muƙamin sakatare daga ranar 30 ga watan Satumba. Dalili shi ne an yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari, kuma ba zan riƙa samun Juma'a a gida ba sai jefi-jefi. Babu wani saɓani tsakanina da kowa a cikin kwamiti ko jama'a.

"Na haɗa wannan takarda da jerin duk abin da ke hannuna na masallaci. Ina roƙon kwamiti ya sa ranar da zan miƙa su a gaban shaidu, ya kuma cire sunana daga masu sa hannu a asusun banki kafin ranar da na ambata. Har zuwa ƙarshen shekara, duk abin da ya shige wa wanda zai gaje ni duhu, yana iya kira na.

"Na gode da amanar da aka ba ni tsawon shekara shida. Wanda na saɓa wa, da sanina ko ba da sanina ba, ina roƙon ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Wassalam. Naku a Musulunci."

Ba ta kai shafi guda ba, kuma haka ya kamata. Ba wurin lissafa ayyukan da mutum ya yi ba ne, ba kuma wurin huce haushi ba ne. Sakataren da ya cusa ƙorafi a ciki, ya ce wane ba ya zuwa taro, wane ya hana ruwa gudu, ya ƙaryata dalilin da ya bayar da kansa, domin duk mai karantawa zai gane cewa aiki fakewa ce kawai. Idan yana da shawara kan yadda za a gyara tafiyar kwamiti, sai ya ba da ita da baki a zaman miƙa aiki, ko a wata takarda dabam.

Akwai kuma ladabin da ke gaban rubutu. A ƙasar Hausa ba a jefa wa dattijo takarda haka kawai. Sakatare kan fara samun liman a zaurensa, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, wata magana ce ta taso daga wurin aiki," ya warware masa komai, sannan ya je wa shugaban kwamiti. Bayan nan ne takarda ke biyowa. Wanda ya ɗauki hoton wasiƙarsa ya watsa a zauren WhatsApp na masallaci kafin shugabanni su ji daga bakinsa, ko da abin da ya rubuta zuma ne, ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle. Idan masallacin na ƙarƙashin wata ƙungiya ne, kamar Jama'atu Nasril Islam ko Izala ko wata zawiyya ta ɗariƙa, akan ba reshen ƙungiyar kwafi don su san wanda za su riƙa tuntuɓa.

Sai dai jigon maganar na cikin jimlar nan da ta ce "na haɗa da jerin duk abin da ke hannuna". Wasiƙa tana sanar da niyya ne kawai. Abin da ke sauke nauyi daga wuyan sakatare shi ne miƙa amana, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tsara yadda ake yi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da almajiran zaure ke karantawa a ko'ina a ƙasar Hausa, ta bambance hali biyu. Wanda aka ba ajiya, idan ya ce ya mayar wa mai ita, ana gaskata shi, sai fa idan da shaidu ya karɓa, to nan da shaidu zai mayar. Amma wanda ya ce ya miƙa wa wani mutum dabam bisa umarnin mai kaya, shi kuma wancan ya musa, to wanda ya miƙa shi zai kawo hujja, in ba haka ba ya biya. Wannan hali na biyu shi ne ainihin halin sakatare mai barin gado. Jama'a ce ta ba shi amana, amma mutum ɗaya zai miƙa wa. Idan bayan shekara aka nemi takardar fili aka rasa, sabon sakatare ya ce shi bai gan ta ba, rantsuwar tsohon ba za ta wanke shi a idon mutane ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma masallaci ya fi ko'ina cancantar a yi aiki da ita.

To me ke shiga cikin jerin? Da farko takardu: littafin bayanan taro, kundin tsarin mulki, takardun fili da na wakafi, rasidai, hatimin masallaci da takardu masu ɗauke da tambarinsa. Sai mabuɗai, na ofis da na sito da na akwatin taimako, a faɗi ko guda nawa ne da wanda ke riƙe da na biyunsu. Sai kaya: janareta, batiran sola, na'urar lasifika, kafet, har makara. Kowane abu a rubuta halin da yake ciki, domin janaretan da aka rubuta "ya lalace, yana wurin mai gyara" ba zai zama abin zargi ba.

Sannan kuɗi, inda aka fi samun tuntuɓe. A koma ga ma'aikacin jinyar nan. A ce ranar da zai miƙa aiki akwai naira 1,240,000 a asusun banki. Idan ya rubuta wannan adadi kaɗai ya tafi, sabon kwamiti zai ɗauka masallaci na da kuɗi, ya shiga sayen fankoki. Alhali naira 800,000 daga ciki gudummawa ce da aka tara musamman don sauya rufin ɓangaren mata, kuma abin da aka bayar don wata manufa ba a karkatar da shi ba tare da iznin masu bayarwa ba. Saura naira 440,000 ke nan na hidimar yau da kullum. A aljihunsa kuma akwai naira 63,500 na akwatin Juma'ar da ta wuce, ba a kai banki ba, jimla 503,500. Mai gyaran janareta na bin masallaci naira 45,000. Shi kansa sakataren ya sayi katin wuta na naira 28,000 da kuɗinsa a wani dare da mita ta ƙare ana shirin sallar isha'i. Idan aka cire waɗannan biyun, abin da kwamiti zai iya taɓawa naira 430,500 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da takardar banki ta nuna.

Wannan naira 28,000 ƙarama ce, amma irinta ke ɓata zumunci. Kunya kan hana mutum ya ambata ta, sai ya cire daga kuɗin akwati a ransa ya ce ai haƙƙinsa ne, ranar da aka zo lissafi a ga giɓi. Hanya biyu ce mai tsabta: ko dai ya rubuta ta a matsayin bashi ya haɗa da rasidi, ma'aji ya biya shi, ko ya rubuta cewa ya bar wa masallaci sadaka.

Bayan jeri sai banki. Asusun ƙungiya yawanci mutum biyu ko uku ke sa masa hannu, kuma banki bai san da wata wasiƙar ajiye muƙami ba. Abin da ya sani shi ne takardar ƙudurin kwamiti mai cewa an cire wane an sa wane, tare da hoto da katin shaida da lambar BVN ta sabon mai sa hannu. Su wa ke sa hannu a wannan ƙuduri? Galibi shugaba da sakatare. Ma'ana, idan sakatare ya riga ya tafi, takardar da za ta cire shi tana jiran hannunsa. Haka masallaci kan wayi gari da kuɗi a banki amma an kasa biyan ladan da mai shara alawus ɗinsu, ana bin mota da takarda zuwa wani gari don neman sa hannu.

Akwai wani sabon salo da ya ƙaru tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da masallatai da dama suka liƙa lambar asusu a bango don masu tura taimako ta waya. Saƙon shigar kuɗi kan faɗa wayar mutum ɗaya, sau da yawa ta sakatare. Wani wurin ma, saboda masallaci ba shi da asusu na kansa, lambar asusun sakataren ce a bango. Wanda ke cikin wannan hali, kafin ya rubuta ko da kalma ɗaya ta wasiƙa, ya kamata ya karɓo bayanin shige da ficen asusun daga banki, ya zauna da ma'aji su ware kuɗin masallaci daga nasa, a kuma sauke waccan lamba daga bango. In ba haka ba, yana can garin da aka mayar da shi, sadakar mutane za ta ci gaba da shiga cikin albashinsa.

Mataki na ƙarshe ya shafi masallatan da suka yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. A nan kujerar sakatare dabam, ta amintacce dabam, ko da mutum ɗaya ne ke kan duka biyun. Ajiye ta farko magana ce ta cikin gida. Sauya amintacce kuwa sai babban taro ya zartar, a nemi amincewar hukumar, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani na da ƙorafi. Wanda ya sauka daga sakatare bai waiwayi wannan ba, sunansa na nan a rajistar hukuma a cikin masu riƙe da dukiyar masallacin. Don haka wasiƙarsa ta fito fili: kujera ɗaya yake bari ko duka biyun? Ya kuma sanar da magajinsa cewa irin waɗannan ƙungiyoyi na miƙa wa hukumar rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, aikin da sau da yawa sakatare kaɗai ya san da shi.

Ko an yi duk wannan, akwai sauran gwaji ɗaya, kuma daga masoya yake zuwa. Ranar da aka karanta wasiƙar a taro, da wuya a rasa dattijon da zai ce, "Haba ɗana, ai ba mu karɓa ba. Ka riƙe, ko daga can ne ka riƙa yi." Karamci ne, kuma nuna yarda ce, amma sakataren da kunya ta sa ya amsa da "to Baba" ya jefa kansa da masallaci cikin tsaka mai wuya. Alamomin ba sa ɓuya: a yi taro uku ba wanda ya rubuta abin da aka zartar, takardar gayyata ta zo ta kwana biyu ba amsa, kowa na cewa a jira sakatare ya dawo ƙarshen wata. Suna na wuyansa, aiki ba ya hannunsa, laifin duk abin da ya lalace kuma nasa ne. Amsa mai kyau ita ce ya gode, ya tsaya kan ranarsa, ya kawo mafita: mataimakinsa ya riƙe na wata uku kafin a yi zaɓe, shi kuma ya zama mai ba da shawara idan an neme shi.

Daga ɓangaren kwamiti ma akwai haƙƙi. Ya kamata a rubuta karɓar wasiƙar a littafin taro, a ba shi amsa a rubuce, a kuma sa mutum biyu da ba su taɓa riƙe kuɗin masallaci ba su duba lissafi. Bayan nan liman ya sanar da jama'a da bakinsa ranar Juma'a, ya faɗi dalili, ya ambaci wanda ya karɓa, a yi wa mai tafiya addu'a. Jama'ar da ta ji daga mumbari cewa an duba komai an same shi daidai ba ta da sauran abin tattaunawa a bakin famfon alwala.

Takardar miƙa aikin kuwa a yi ta kwafi uku, kowanne da sa hannun mai miƙawa da mai karɓa da shaidu biyu. Ɗaya ya shiga fayil ɗin masallaci, ɗaya ya zauna wurin sabon sakatare, na ukun kuma tsohon sakatare ya sa shi cikin jakarsa ya tafi da shi garin da aka mayar da shi.